Algaitar da Sarwar Ya Ɓoye

Duk faɗin sansanin masu neman mafaka babu wanda ya kai Kaka Sherdil sanin dokar ƙasar Holan, in dai shi za ka tambaya. Tsohon direban babbar mota ne daga Jalalabad, ga tumbi ga gashin baki, ya daɗe a wurin har masu gadin ƙofa sun san yawan sukarin da yake zubawa a shayi. Hukumar shige da fice ta taɓa ƙin buƙatarsa, ya ɗaukaka ƙara, yana jira. Jiran nan ne ya mai da shi malami. Yaran Afghanistan suna ce masa Kaka, wato baffa, shi kuwa ba ya barin sunan ya faɗi ƙasa.

Ɗakinsu ɗaya da Sarwar, wani siririn mutumin ƙasarsu daga Logar, marar yawan magana, wanda ke yi wa mutane aski a ɗakin wanki. Ranar nan Kaka na zaune a kan kujera, fuska duk kumfa, sai ya ji Sarwar yana gaya wa matarsa a waya cewa su 'yan gudun hijira ana kula da su sosai a nan.

"Kai, tsaya!" in ji Kaka, kumfa na tashi. "Wa ya ba ka wannan sarauta? Ciro katinka mu gani."

Sarwar ya ajiye waya ya ciro.

"Ka gani? Irin nawa ne. Ni da kai masu neman mafaka ne. Mun ƙwanƙwasa, an ce mu zauna a zaure ana duba maganarmu. Ba a kore mu ba, ba a ce mu shigo ba. Ɗan gudun hijira kuwa shi ne wanda aka saurara aka ce, ƙwarai, in ka koma za su taɓa ka. Ka ga Habashawan nan na ginin baya da suke ta auna labule? Su an karɓe su. Gida kawai suke jira. Su za su iya neman a kawo musu iyali. Kai fa?"

Sarwar ya ci gaba da wasa aska. Ai nan ne ciwon yake. Matarsa Zarmina da 'yarsu Muska suna Peshawar, ƙetaren iyakar Afghanistan, a wani ɗakin haya, takardun zamansu sun ƙare, kullum ana raɗe-raɗin za a kwashi mutane a mayar. In ba a karɓe shi a nan ba, babu ta inda zai ɗauko su. Babbar hirarsa da hukuma kuma ta kusa.

"Me ka gaya musu a hirar farko?" Kaka ya tambaya.

"Na ce ni wanzami ne, ƙasa ta lalace, na gudu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Innalillahi! Ƙasa ta lalace! Wa ƙasa ba ta lalace masa ba? Saurara, Sarwar ɗan'uwana. Akwai wani a Peshawar, ka tura masa ɗan abu ya rubuto maka wasiƙar barazana ta Taliban, da hatimi da komai. Tsaf, kamar daga ofishinsu ta fito."

"Kai ka yi?"

Kaka ya yi tari. "Ni maganata daban ce. Yi askinka, ka kula da kunnena."

Abin da Kaka bai sani ba, abin da babu wanda ya sani a sansanin, shi ne Sarwar ba wanzami kaɗai ba ne. A Logar gidansu gidan aska ne da busa. Ubansa ya yi wa mutane aski da safe ya busa musu surnai da yamma, wato algaitar can, haka kakansa. Babu bikin da zai yi armashi sai da su, amma fa in an zo cin abinci gefe ake shimfiɗa musu, kuma babu mai ba ɗansu 'yarsa sai irinsu. Da Sarwar ya iso Turai ya ga ana girmama mai aski, har da likitocin Kabul suna bin layi suna ce masa don Allah, sai ya rantse a ransa cewa busa ta mutu a kan iyaka. Yatsunsa biyu na hagu da suka karkace kuwa, ya ce wa kowa ƙofar mota ce ta datse su.

Asiri ya tonu ranar bikin zagayowar haihuwar Sarkin Holan. Gari duk ya koma launin ruwan lemo, kowa ya shimfiɗa tsofaffin kayansa a bakin titi yana sayarwa. Kaka ya ja Sarwar suka fita neman tukunyar shinkafa mai arha. Suna cikin yawo sai ga wani tsoho Bature da tarkace a gabansa, agogo da takalma da wata sarewar katako. Sarwar ya ɗauka don ya duba kawai, wallahi don ya duba kawai. Sai tsohon ya yi masa alama da hannu, gwada mana.

Ya sa a baki. Sarewar ba ta da muryar surnai, yatsun nan biyu kuma suna gardama, amma abin da ya fito kiɗan rawar attan ne na Logar, sak. Kumatunsa suka kumbura, numfashi bai yanke ba, yana ja ta hanci yana turawa ta baki yadda ubansa ya koya masa. Kaka Sherdil ya saki murfin tukunya. Kafin ka ce me, mutumin da ke kukan ciwon gwiwa kullum ya ɗaga hannu yana juyi a tsakiyar titi, tumbi na gaba yana binsa. Wasu mata masu huluna ruwan lemo suka shiga bayansa suna kwaikwayo, ana tafi ana shewa.

Da Sarwar ya farga ya ajiye sarewar da sauri kamar ta ƙone shi. Kaka ya matso yana haki, ya kama masa kwalar riga.

"Munafuki! Wannan numfashin ba a koyonsa a shagon aski. Ɗan gidan wa ne kai?"

Sarwar ya sunkuyar da kai ya faɗi sunan ubansa.

"Ustad Gul Rahim? Wanda ya yi busa a bikin ƙanena? Kai! Kuma ƙofar mota, ko? Nuna min hannun nan."

A kan wani benci a bakin ruwa Sarwar ya ba shi labari. Yadda 'yan Taliban suka faɗo musu a wani biki, suka fasa ganga, suka karya surnai, suka taka masa yatsu da gindin bindiga, suka rataya masa ɓaraguzan a wuya aka zaga kasuwa da shi. Yadda aka sa shi ya yi rantsuwar ya daina. Yadda daga baya maƙwabci ya roƙe shi ya yi busa kaɗan a cikin gida ranar auren ɗansa, ya ari surnai ya yi, wani ya kai tsegumi, suka zo nemansa ba ya nan. Kafin ya tsallake iyaka ya ƙone hotunansa duka, ya goge wayarsa fes.

Kaka ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, abin da ba a saba gani ba. Can ya ce, "Ni ina nan ina neman wanda zai ƙago maka labari, ashe kana zaune a kan na gaskiya. Saboda me? Kada Sherdil ya raina ka? Ni wa? Gobe sai wajen lauyarka, ko na ɗauke ka a kafaɗa."

Lauyar sunanta Hoekstra, doguwar mace mai furfura da ke zuwa ofis a kan keke ko ana ruwa. Kaka ya so ya shiga, ta nuna masa kujera a waje da murmushi. Tafinta yana kan waya. Da Sarwar ya ji muryar mutumin ƙasarsu ce, sai harshensa ya yi nauyi.

Lauyar ta lura, ta kira shi Meneer, wato malam a harshen Holan. "Meneer Sarwar, abin da ka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Tafinta ba shi da ikon kai shi ko'ina. Hukuma ma ba ta gaya wa ƙasarku ka nemi mafaka, balle abin da ka ce."

Ya faɗi komai. Ta rubuta, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta cire tabarau.

"Ka san me ya sa na damu da maganarka ta farko? Doka ba ta tambayar ko ƙasarka na cikin wahala kawai. Tana tambaya, kai ɗin nan, me kake tsoro in ka koma, wa zai yi maka, kuma saboda me. Saboda addininka ne, ko ƙabilarka, ko asalin ƙasarka, ko ra'ayinka na siyasa, ko irin mutanen da kake cikinsu? Sannan akwai mai kare ka a can? Abin da ka gaya min yanzu shi ne amsar."

"Wakil Sahib, to ni yanzu mene ne?" ya tambaya, yana kiranta yadda ake kiran lauya a ƙasarsu.

"A takarda, mai neman mafaka. Amma ba takarda ce ke mai da mutum ɗan gudun hijira ba, abin da ya koro shi ne. Hukuma tabbatarwa take yi. Aikinmu mu sa ta gani. Zan rubuta musu tun yanzu cewa akwai ƙari a kan bayaninka. Za su tambaye ka me ya sa ka yi shiru da farko, kuma suna da gaskiyar tambaya. Me za ka ce?"

"Kunya na ji."

"To haka za ka ce. Kada ka yi mata ado."

Ya kawo zancen wasiƙar Peshawar a hankali, kamar wani ne ya aiko shi. Hoekstra ta dafa tebur.

"Kul! Suna da masu duba takardu, sun ga irinta ba iyaka. Ƙarya ɗaya in suka kama, gaskiyarka ma sai ta zama abin shakka. Gara ka zo hannu biyu da ka zo da na jabu."

Sai ta faɗi abin da take so. Katin shaidarsa na gida da takardar aure, na asali, in Zarmina za ta iya aikowa ba tare da ta jefa kanta cikin haɗari ba, kuma kada ya yar da ambulan ɗin da suka zo a ciki. Likita ya duba yatsun ya rubuta abin da ya gani. Ya zauna ya tuna abubuwan bi da bi, abin da ya manta ya ce ya manta, kada ya cike gurbi da zato. Rahotanni a kan abin da ake yi wa makaɗa a can, wannan aikinta ne.

"Babbar shaida bakinka ne," ta ce. "Sun san mai gudu ba ya tsayawa haɗa jaka. Amma in da akwai abin da zai nuna ka da algaita a baki, ko wanda ya gan ka da idonsa, da na yi barci da daɗi. Duk bukukuwan nan babu mai ɗaukar bidiyo?"

Akwai mana. Sarwar ya san ma inda ɗaya yake: a garin Deventer, nan Holan, a gidan Bibi Haji Shahnaz, wata dattijuwar Logar da aka karɓa da iyalinta tun bara waccan. Shi ya yi busa a auren ɗanta. Sai dai ko Kaka da ya ji sunan abin da za su roƙa, sai da ya dafe kai. Bidiyon biki! A cikinsa akwai ɓangaren mata, 'ya'yanta da surukanta kai ba ɗankwali suna rawa. Ko ƙanin miji ba a nuna wa, balle a miƙa wa wanzami ya kai wa hukuma.

Duk da haka suka hau jirgin ƙasa da kwalin alewa. Bibi Haji ta karɓe su a falo mai jan kafet, 'yar guntuwar tsohuwa da carbi, idanu kamar na alƙali. Aka kawo koren shayi da busasshen tut, wani ɗan itace mai zaƙi na ƙasarsu. Kaka ya yi ta zagaye-zagaye, ya yabi labule, ya yabi shayi, ya yi wa mamata addu'a. Da ya iso kan maganar, tsohuwa ta ajiye kofi.

"Sherdil, furfurar nan taka ta aro ce? 'Ya'yana mata za ka kai wa ƙartin ofis su kalla suna shan kofi?"

"Bibi Haji, ai ɓangaren maza kawai..."

"Faifai ɗaya ne! Ka taɓa ganin an yanka faifai da almakashi?"

Sarwar ya miƙe. Ya san haka za a yi, kuma bai ga laifinta ba. "Ki yafe mana, Bibi Haji. Ba mu kyauta ba."

Ya kai hannu zai ɗauki hularsa, sai idonta ya sauka a kan yatsun.

"Zo nan, ɗana. Wannan fa?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ta tambayi ina matarsa, ya faɗa. Ta ja carbi, ta ja, ta ja.

"Lauyar nan taka, namiji ne?"

"Mace ce."

"Tsohuwa ko yarinya?"

"Ta manyanta."

"To. Faifaina ba zai kwana a hannun kowa ba. Ni zan kai shi da ƙafata, ni zan dawo da shi. Ku biyun nan kuma a waje za ku tsaya kamar takalma."

Haka kuwa aka yi. Ranar ta zo da faifan a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan jaka, ta sa aka nemo tafinta mace, ta rufe ƙofa da kanta. Sarwar da Kaka suna zaune a baranda suna jin ganga da surnai na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Can sai suka ji dariya, ta Bibi Haji da ta lauya, har da tafi.

"Wallahi ɓangaren matan suke kallo," in ji Kaka. "Mu an bar mu da jaridar da ba mu iya karantawa."

Da aka buɗe, Hoekstra tana share hawayen dariya. Sun kwafi farkon bidiyon, inda aka rubuta sunan ango da garin da shekarar, da filin maza inda ake attan. Faifan asali zai zauna wurin mai shi, lauya ta rubuta dalili. Bibi Haji kuma ta ba da shaida a rubuce, abin da ta gani da idonta kawai: ta san shi, ta san ubansa, shi ya yi busa a bikin ɗanta. Maganar duka ba ta gani ba, ba ta sa ba. Ta sa hannu, aka haɗa da hoton katinta.

"Zo ka ga kanka," lauya ta ce.

Ga shi nan a tsakiyar fili da farar riga, kumatu a kumbure, yatsu goma lafiya lau suna gudu a kan surnai, maza sun kewaye shi suna juyi ƙura na tashi. Sarwar ya kalla, ya ji daɗi ya ji baƙin ciki lokaci ɗaya, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ƙiba ka yi a lokacin," Bibi Haji ta ce. "Shinkafata ce."

Babbar hirar ta ci yini. Wata jami'a ce da kwamfuta, da tafinta, da butar ruwa. Ta tambayi sana'arsa. Sarwar ya gyara zama.

"Ni mai busa ne, ɗan mai busa. Ina aski kuma."

Ta tambaye shi me ya sa bai faɗa ba tun farko, ya ce kunya, ya bayyana mata inda ake shimfiɗa wa irinsu tabarma. Ta tambayi da me ake yin bakin surnai, wa ke biyan makaɗa a biki, ta ina aka bi da shi a kasuwa. Ta koma baya ta sake tambayar abin da ta riga ta tambaya. Da ta nemi ranar da aka zo nemansa, ya ce bai riƙe ba, ya dai san bayan ƙaramar salla ne, ana girbin alkama. Bayan nan aka aiko da rubutaccen bayanin hirar, suka bi shi layi-layi da lauya, suka gyara wuri guda da aka rubuta ganga a maimakon algaita.

Sai jira. Rani ya wuce, ganye ya zube. Labari kuwa ya riga ya zaga sansanin, don Kaka ba ya iya riƙe magana. Wani ɗan Kabul ya daina zuwa aski. Sauran suka ci gaba da zuwa, wasu ma har suna tambaya ko zai samu lokaci in ƙanwarsu ta tashi aure.

Wata safiya yana tsakiyar yi wa Kaka aski, ya gama gefe ɗaya, waya ta yi ƙara. Hoekstra ce, da tafinta a layi.

"Meneer Sarwar, kana zaune?"

"Ina tsaye, Wakil Sahib."

"To zauna. Sun yarda. Sun ba ka matsayin ɗan gudun hijira. Ka zo gobe mu fara takardun matarka da 'yarka, akwai wa'adi, ba na son mu yi wasa da shi. Zai ɗau lokaci, kada ka ce mata jibi ne."

Sarwar ya zauna a kan kwandon wankin wani. Kaka ya karanta fuskarsa, ya yi wata kabbara da ta sa mai gadi leƙowa, ya fita da gudu yana shela a baranda, rabin fuska fes rabi kumfa. Shi da har yau katinsa bai canja ba.

Sarwar ya kira Peshawar. Zarmina ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake kuka. Da ta natsu ta ce, "Me ka ce musu har suka yarda?"

"Na ce musu ni mai busa ne."

"Da bakinka? A gaban mutane?"

"A gaban hukuma. Har an rubuta."

Yana jin Muska a bayanta tana rigimar a ba ta wayar.

"To ka nemo wata algaitar kafin mu zo," Zarmina ta ce. "Yarinyar nan ba ta taɓa jin busar ubanta ba."